Wa Ke Kan Gaba? Yadda Ake Gina Teburin Makin Kacici-kacici da Redis

A ce an shirya gasar kacici-kacici ta mako guda a wayar hannu, ɗalibai dubu hamsin suka shiga. Kowace amsa daidai maki goma ce. Duk ɗalibin da ya danna amsarsa, abu biyu yake son gani nan take: su wa ke kan gaba, kuma shi na nawa ne. Tambaya ta farko ba ta da wuya. Ta biyun ce ke sa na'ura gumi, domin kafin a ce wa yaro kai ne na 4,217, sai an san adadin waɗanda suka fi shi maki a wannan daƙiƙar, alhali makin kowa yana ta motsi.

Idan makin yana cikin rumbun bayanai irin wanda aka saba da shi, kowace tambaya ta "ni na nawa ne" tana sa rumbun ya ƙirga duk waɗanda ke saman mai tambayar. Ga ɗalibai ɗari ba komai ba ne. Amma ga dubu hamsin da kowannensu ke sabunta shafinsa bayan kowace amsa, rumbun zai shagala da ƙirga har ya kasa karɓar amsoshin da aka gina shi dominsu. Wannan ne ya sa masu gina manhaja ke ɗauke aikin teburin su ba Redis.

Redis manhaja ce ta ajiyar bayanai da wani ɗan Italiya daga tsibirin Sisili, Salvatore Sanfilippo, ya fara fitarwa a 2009. Abin da ya bambanta ta shi ne tana riƙe komai a ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, ba sai ta je faifai ta ɗauko ba, don haka amsarta ba ta ɗaukar lokaci. Cikin nau'o'in ajiyar da take da su akwai wanda takardunta ke kira `sorted set`, mu kuma a nan mu kira shi jeri mai tsara kansa. Ƙa'idarsa biyu ce kacal. Kowane suna sau ɗaya yake fitowa a ciki, kuma kowane suna yana ɗauke da lamba guda wadda da ita ake jera shi. Da zarar lambar ta canja, sunan ya koma gurbin da ya dace da shi. Babu wani lokaci da za a ce a dakata a jera mutane, domin ko yaushe a jere suke.

Bari mu sa ɗalibai uku mu gani. Za mu raɗa wa jerin suna `gasa:mako1`.

```
ZADD gasa:mako1 80 amina 60 bala 70 zainab
ZINCRBY gasa:mako1 10 bala
ZRANGE gasa:mako1 0 9 REV WITHSCORES
```

Layi na farko ya zuba mutum uku da makinsu. Na biyu ya ƙara wa Bala goma, ya koma 70. Na uku ya ce a kawo goma na sama tare da makinsu. Kalmar `REV` ita ke juya jerin, domin Redis daga ƙarami zuwa babba take jerawa idan ba a ce mata komai ba. Wanda ya manta da ita zai ga teburinsa ya ɗora na ƙarshe a sama. Wannan salon rubutu ya zo ne a Redis 6.2 ta 2021. A tsofaffin manhajoji za ka tarar da `ZREVRANGE`, aikinsu ɗaya.

Matsayin mutum guda kuwa `ZREVRANK gasa:mako1 amina` ke bayar da shi, kuma amsar da za ta dawo ita ce 0. Ba kuskure ba ne, daga sifili Redis ke fara ƙirga, sai manhajar ta ƙara ɗaya kafin ta nuna wa ɗalibi. Da wannan lambar ake yin abin da na fi so a kowane tebur, wato nuna wa yaro maƙwabtansa. Idan amsar ta dawo 4216, sai a nemi `ZRANGE gasa:mako1 4214 4218 REV WITHSCORES`, a nuna masa biyu da ke samansa da biyu da ke ƙasansa. Yaron da ke na 4,217 ba shi da abin yi da goma na sama, sun yi masa nisa. Amma idan ya ga wanda ke gabansa maki goma kawai ya fi shi, zai dawo ya amsa tambaya ta gaba.

Me ya sa wannan ke da sauri? Redis tana ajiye jerin ta hanya biyu a lokaci guda. Akwai wani kundi da ke haɗa suna da maki, wanda ke ba da makin mutum kai tsaye. Sannan akwai jerin kansa, wanda aka gina a kan dabarar da masanin kwamfuta William Pugh ya wallafa a 1990. A hawa na ƙasa kowa yana nan a jere. A hawa na sama da shi kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai, a na sama da wannan kuma ɗaya cikin huɗun waɗancan, haka har sama. Mai nema yana farawa daga hawa mafi tsawo, yana tsallake dubbai a taki ɗaya, idan ya ga zai wuce inda yake nema sai ya sauko hawa guda. Kowane tsalle kuma an rubuta a jikinsa adadin mutanen da ya ƙetare. Saboda haka ba a ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya don gano matsayi, tsallen kawai ake tarawa. A jeri mai mutum miliyan ɗaya, taki 'yan gomomi ya isa. Ko an ninka yawan mutanen sau biyu, abin da zai ƙaru a aikin bai taka kara ya karya ba.

Zuwa nan komai ya tafi daidai, kuma a nan yawancin masu koyo ke tsayawa su ce sun gama. Ni kuwa a ganina a nan aikin ya fara, domin Redis jerawa kawai ta iya. Ba ta san adalci ba. Mai gina teburin ne zai gaya mata abin da lambar ke nufi, kuma akwai wurare biyu da rashin yin hakan ke cutar da yaran da suka yi karatu tsakani da Allah.

Na farko shi ne kunnen doki. Duba misalinmu: Bala yana da 70, Zainab tana da 70. Wa zai zo na biyu? Idan maki ya zo ɗaya, Redis tana raba gardama da haruffan suna, daga na farkon baƙaƙe zuwa na ƙarshe. Tunda kuma mun juya jerin da `REV`, wannan ma ya juye. Zainab za ta hau kan Bala, ba don ta fi shi komai ba, sai don sunanta ya fara da harafin da ke can ƙarshe. Ko an yi amfani da lambar rajista maimakon suna, wanda shi ne daidai tunda Aminu ba ɗaya ba ne a cikin ɗalibai dubu hamsin, matsalar tana nan. Redis ba ta kallon lambar rajista a matsayin adadi, rubutu take ɗaukarta, tana gwada alama da alama daga hagu. Don haka `d9` zai hau kan `d10`, domin tara ta fi ɗaya.

A gasar da makinta ke tafiya goma-goma, kunnen doki ba abin da ke faruwa jifa-jifa ba ne. Idan tambayoyi ɗari ne, maki iri 101 ne kawai zai yiwu, daga sifili zuwa dubu. Raba ɗalibai dubu hamsin a kan waɗannan gurabe, za ka ga ɗaruruwa sun taru a kan maki ɗaya. Yaro biyu masu maki iri ɗaya, ɗaya ya ga kansa na 4,217, ɗayan na 4,690. Idan kuma kyauta ta mutum goma ce, mutum shida suka yi canjaras a gurbi na goma, to haruffa ne za su zaɓi mai tafiya da ita. Wannan ba abin da malami zai iya kallon iyayen yaro ya bayyana musu ba ne.

Mafita biyu ce, kuma zaɓen ɗaya daga cikinsu hukunci ne na masu shirya gasa, ba na mai rubuta manhaja shi kaɗai ba. Ta farko, a ba masu maki ɗaya matsayi ɗaya. Sai a bar `ZREVRANK`, a tambayi adadin waɗanda suka fi shi maki zalla:

```
ZCOUNT gasa:mako1 (70 +inf
```

Bakan da ke gaban 70 yana nufin ban da 70 ɗin kanta. Amsar a misalinmu 1 ce, wato Amina. A ƙara ɗaya, Bala da Zainab duk sun zama na biyu, wanda ke bin su kuma na huɗu. Wannan ya wadatar idan teburin na ƙarfafa gwiwa ne kawai.

Idan kuwa akwai kyauta, dole a raba. Masu kallon ƙwallo sun san yadda ake yi: ƙungiya biyu suka yi maki ɗaya a tebur, sai a duba bambancin ƙwallaye. A kacici-kacici abin da aka fi yarda da shi shi ne wanda ya riga kai wa makin shi ke sama. Sai dai Redis lamba ɗaya ta ba kowane suna, babu gurbin ta biyu. Dabarar ita ce a cusa maki da lokaci cikin lamba guda, makin ya zauna a manyan gurabe, lokacin a ƙanana.

Mako guda daƙiƙa 604,800 ne, bai kai miliyan ba. To sai a ninka maki da miliyan ɗaya, a ƙara masa 999,999, a cire daƙiƙoƙin da suka wuce tun buɗe gasar. Ana cirewa ne don wanda ya riga ya fi samun babbar lamba. Bala ya kai 70 a daƙiƙa ta 3,600, wato awa ɗaya da farawa, lambarsa ta zama 70,996,399. Zainab ta kai 70 a daƙiƙa ta 5,400, tata ta zama 70,994,599. Yanzu Bala ne a sama, da dalilin da za a iya faɗa a bainar jama'a. Wanda yake da 80 kuwa, ko a daƙiƙar ƙarshe ta mako ya same shi, yana saman su duka, domin ɓangaren lokaci ba zai taɓa cika miliyan ya tsallako cikin maki ba. In an zo nuna wa ɗalibi, a raba lambar da miliyan a yar da ragowar, 70 ɗinsa ta dawo.

Akwai rami a nan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Lambar da Redis ke ajiyewa tana riƙe cikakken adadi daidai ne har zuwa 9,007,199,254,740,992, wato biyu da aka ninka da kanta sau 53. Daga nan sai ta fara kintace, tana zagaye lambar zuwa mafi kusa da za ta iya riƙewa, kuma ba za ta yi gargaɗi ba. Mai gini da ya ga dama ya ce zai yi amfani da agogon kwamfuta kai tsaye, wanda ke ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa tun daga 1970, zai tarar lokacin kaɗai ya cinye gurabe 13. Abin da ya rage wa maki bai wuce 900 ba. Gasarmu kuma tana kai wa dubu. Ka ga ke nan a ƙasan tebur komai zai tafi daidai, sai a can sama, wurin zakaru, inda kyauta take, lambobin za su fara haɗewa. Alamarsa ita ce ka aika lamba, ka tambaye ta da `ZSCORE`, ka ga ƙarshenta ya canja. Maganinsa shi ne abin da muka yi: a ƙirga lokaci daga buɗe gasar, kuma da agogon sabar, ba na wayar ɗalibi ba, domin agogon waya kowa na iya juya shi.

Wuri na biyu da ake cutar da yara shi ne ƙirga amsa sau biyu. `ZINCRBY` ba ta da tunani: sau nawa aka kira ta, sau nan za ta ƙara. Ka ɗauki yarinyar da ke amsawa a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ta danna amsa, saƙon ya isa sabar, an ƙara mata goma, amma kafin tabbacin ya dawo wayarta sabis ya yanke. Manhajar wayar ta ɗauka saƙon bai je ba, ta sake aikawa. An ƙara mata wani goman. Ba ta yi maguɗi ba, amma ta hau kan wanda ya fi ta. Da zarar kuma wani mai wayo ya lura da haka, zai riƙa maimaita amsa ɗaya da gangan. Yadda ake gane wannan ya faru ba wuya: a nemi duk wanda makinsa ya wuce adadin tambayoyin da aka fitar sau goma. In an fitar da tambaya 30 ka ga mai 320, ka san akwai ɓaraka. Sai dai wannan na sama kaɗai yake kamawa. Wanda ya kamata ya sami 120 ya sami 140 zai wuce ba a gan shi ba.

Saboda haka ba na son a mai da Redis wurin tara maki. Kowace amsa a fara rubuta ta a rumbun bayanai na dindindin, irin PostgreSQL ko MySQL, da sharaɗin cewa ɗalibi ɗaya da tambaya ɗaya layi ɗaya ne tak. Amsa ta biyu a kan tambaya ɗaya, rumbun zai ƙi ta. Daga nan a lissafa jimillar ɗalibin, a haɗa ta da lokaci kamar yadda muka yi, a aika wa Redis cikakkiyar lambar, ba ƙari ba:

```
ZADD gasa:mako1 GT CH 70996399 d1042
```

`GT` tana nufin kada a taɓa lambar da ke nan sai idan sabuwar ta fi ta. Dubi yadda wannan ya rufe ƙofa biyu a tare. Idan saƙon ya maimaitu bayan daƙiƙa biyar, makin 70 ne dai, lokacin kuma ya ƙara gaba, don haka lambar ba ta fi ta farko ba, Redis ta yi watsi da ita. Idan kuma saƙonni biyu suka yi tsere, na 80 ya riga na 70 isa, na 70 ɗin ba zai jawo yaron baya ba. `CH` kuma tana sa amsar ta zama 1 idan an canja wani abu. Ba tare da ita ba, `ZADD` sababbin sunaye kawai take ƙirgawa, sai ta dawo da 0 ko da ta sabunta maki, mai gini ya zaci bai yi aiki ba.

`GT` tana da iyakarta. Idan gasar tana rage maki a kan amsar da ba daidai ba, ko alƙalai suka soke wata tambaya saboda an gano kuskure a cikinta, makin wasu dole ya sauka, ita kuma ba za ta bari ba. A irin wannan hali ba a bin yara ɗaya-ɗaya ana gyara. Sabon jeri ake ginawa daga rumbun dindindin, da wani suna daban, in ya kammala sai a sauya:

```
RENAME gasa:mako1:sabo gasa:mako1
```

Sauyin a taki ɗaya yake faruwa, babu ɗalibin da zai ga rabin tebur. Sai dai a dakatar da karɓar amsa na ɗan lokacin ginin, ko a sake aika waɗanda suka shigo a tsakani, don kada su faɗa cikin tsohon jerin da za a share.

Wannan hanyar sake gini ita ce kuma kariyar ranar da sabar ta mutu. Abin da ke ƙwaƙwalwar aiki yana tafiya da ɗaukewar wuta. Redis tana da hanya biyu ta ajiye kwafi a faifai. Ɗaya tana ɗaukar hoton komai lokaci-lokaci, wanda ke nufin abin da ya shigo bayan hoton ƙarshe, ko na mintuna ne, ya tafi. Ɗayar, wadda ake kunnawa da `appendonly yes`, tana rubuta kowane umarni, kuma a tsarin da ta zo da shi abin da za a rasa kusan daƙiƙa ɗaya ne. Daƙiƙa ɗaya ba ta da yawa, amma a mintin ƙarshe na gasa amsoshi da dama ne a cikinta. Akwai kuma wata hanyar ɓata da ba ta buƙatar ɗaukewar wuta. Idan ana amfani da Redis ɗin nan wajen ajiyar wucin gadi, aka saita `maxmemory-policy` a kan `allkeys-lru`, to ranar da ƙwaƙwalwa ta cika tana iya jefar da teburin makon jiya dungurungum don ta sami wuri, tunda an daɗe ba a duba shi ba. Babu saƙon kuskure, tebur kawai zai dawo fanko. A duba wannan saitin tun kafin gasa. Muddin dai amsoshin suna rumbun dindindin, ɗalibai dubu hamsin ba sa ɗaukar lokaci wajen sake zubawa.

Saura batun makonni. Kowane mako a ba shi jerinsa, `gasa:mako1`, `gasa:mako2`, maimakon share ɗaya ana sake cika shi. A kula da lokacin da mako ke juyawa: sabar da yawa suna tafiya ne da agogon duniya na UTC, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa ɗaya. Idan ba a gyara ba, an sanar za a rufe gasa ƙarfe sha biyun dare, amma ba za ta rufe ba sai ƙarfe ɗaya, waɗanda suka lura su ci awa guda ta banza.

Teburin wata kuwa, Redis tana da `ZUNIONSTORE` da ke tara makin jeri da yawa cikin ɗaya. Tana aiki lafiya a kan maki zalla. A kan lambarmu mai haɗe da lokaci kuwa ɓarna za ta yi, domin ɓangaren lokacin ma za ta tara. Ɗauki Bala da 70,996,399 a makon farko da irinta a na biyu: jimillar 141,992,798 ce, wadda in aka raba da miliyan za ta nuna 141, alhali 140 ya ci. Don haka teburin wata a ba shi nasa jerin tun farko, ana rubuta masa a duk lokacin da ake rubuta wa na mako. Kwana 31 daƙiƙa 2,678,400 ne, ya wuce miliyan, saboda haka a can da miliyan goma za a ninka makin, a cire lokacin daga 9,999,999.